Yadda na fitar da ranar rufe karɓar ɗinkin sallah a shagona, da sanarwar da na rubuta wa kwastomomi

Ni tela ne a nan Kano, ɗinkin maza nake yi, kaftani da babbar riga da jamfa da kayan yara maza. Abokan sana'a da dama sun yi ta tambayata a kan sanarwar da na ɗora a sitatus lokacin azumin 2025, wasu ma cewa suke in turo musu su canza sunan shago kawai su ɗora. Ban hana kowa ba, amma abin da nake faɗa musu shi ne rubutun ba shi ne aikin ba, ranar da ke cikin rubutun ita ce aikin, kuma ranar shagona ba za ta yi wa shagon wani ba tunda kekunanmu da hannayenmu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda na yi tun daga farko.

A shekarar an ɗauki azumi ranar Asabar 1 ga Maris, sai abin ya zo da sauƙi, kwanan azumi da kwanan watan bature suka tafi tare, biyar ga azumi biyar ga Maris. Ranar Laraba biyar ga azumi bayan an sauko daga asham na rufe ƙofar shago na ɗauko littafin karɓar aiki da biro, ban fara da tambayar yaushe zan rufe ba, na fara da yaushe ne sallah. To mu dai mun sani ba wanda ke da tabbacin ranar ƙaramar sallah sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, ko azumi 29 ko 30. Tela kuwa da 29 yake lissafi, kullum. Idan ka yi lissafi da 30 aka wayi gari an ga wata, kwana guda cur ya tafi, kuma shi ne kwanan da ka fi buƙata. Don haka na rubuta sallah Lahadi 30 ga Maris, jajibere Asabar 29.

Daga nan na dinga ja da baya. Jajibere ba ranar ɗinki ba ce, ranar miƙa kaya ce, kuma ina so yarana su tashi da azahar su ma su je su yi aski su ga gida, ɗaya daga cikinsu ma sai ya hau mota zuwa garinsu. Alhamis da Juma'a, 27 da 28, na bar su don karɓar kaya da gyara, saboda duk iya ƙwarewarka sai an samu wanda zai gwada ya ce hannu ya yi tsawo ko wando ya matse shi a cinya, wani ma azumi ya rage masa tumbi rigar ta yi masa yawa. Ke nan allura ta ƙarshe dole ta fita daga sabon yadi ranar Laraba 26. Daga 6 ga wata zuwa 26 kwana 21 ne. Na cire kwana uku a ciki, domin Juma'a rabin yini ake yi, ga wuta da ba ta da tabbas, ga janareto da kan ƙi tashi, ga goman ƙarshe da ake tahajjud aikin dare ya ragu. Saura kwana 18 na aiki.

Sai na zo kan hannu. Kekuna uku ne a shagon, ni da teloli biyu, sai yaro ɗaya mai koyo da ke sa maɓalli yana guga yana zuwa aike. Kowanne cikin telolin yana haɗa kaftani da wando saiti biyu a rana a cikin azumi, ɗaya da safe kafin rana ta take, ɗaya da dare bayan asham, don tsakanin azahar da la'asar a zafin Maris ba wani aikin kirki da mai azumi ke yi, in ka matsa masa sai ka ga aljihu ya karkace. Ni kuma yanka ke cinye min lokaci da awo da magana da mutane, saiti ɗaya kawai nake lissafa wa kaina. Biyar ke nan a rana. Biyar sau 18 ya ba ni 90. Wannan shi ne abin da shagon zai iya fitarwa ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba.

A nan ne da yawa ke faɗawa rami, sai su ƙirga leda maimakon su ƙirga aiki. Leda ɗaya na iya zama kaftani yadi biyar, wata ledar kuma babbar riga ce yadi goma da 'yar ciki da wando, ita gurbi uku nake ba ta. Kayan yara kuwa mutane na ganin ƙanana ne ai yanzu za a gama, alhali wuyan rigar ɗan shekara huɗu ya fi na babba cin rai, ga uba zai kawo shadda ɗaya ya ce a fitar wa yara uku anko, sai ka zauna kana juya yadin kana neman yadda zai isa. Kowane yaro gurbi ɗaya cikakke nake rubuta masa. Da na bi littafin da wannan ma'aunin sai na ga aikin da na riga na karɓa tun Sha'aban wanda ba a gama ba ya kai gurbi 58. Saura 32. Kuma a kwanakin ana kawo min kamar huɗu a rana, ke nan kwana takwas ya ishe su cika, wato wajen 13 ga azumi. Sai na matsar da ranar zuwa Asabar 15, saboda ma'aikata da yawa sai Asabar suke samun shiga Kantin Kwari su yanko shadda, amma da sharaɗin cewa in gurbi ya cika kafin nan to an rufe.

Amma fa akwai hannun da ba a shagona yake ba, shi ne mai aikin wuya. Mu muna yankawa ne mu kai gaban riga wajen masu aikin kwamfuta ko masu surfani, su yi su dawo mana da shi sannan mu haɗa. Su kuma ba ni kaɗai ke kai musu ba, telolin unguwa gaba ɗaya a kansu suke, layin da ke gabansu ya fi namu tsawo. Kafin in rubuta ko kalma ɗaya sai da na kira wanda nake kai wa na ce, Malam, babbar riga yaushe za ka daina karɓa? Ya ce bayan 12 ga azumi ba zai karɓi mai aiki da yawa ba, kuma wadda ya karɓa in ba shi kwana goma. To in zan kai masa ranar 12 sai na yanka ranar 11, sai yadin ya zo hannuna ranar 10. Shi ya sa sanarwata ta fito da ranakun rufewa biyu, ɗaya ta babbar riga ɗaya ta kaftani. Duk telan da ya sa ranarsa bai tambayi mai aikinsa ba, wallahi ranar wani ya sa, ba tasa ba.

Ga abin da na rubuta:

"RANAR ƘARSHE TA KARƁAR ƊINKIN SALLAH
Babbar riga da duk mai aiki da yawa: Litinin 10 ga azumi, 10 ga Maris.
Kaftani, jamfa da kayan yara: Asabar 15 ga azumi, 15 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma. Idan gurbi ya cika kafin ranar, mun rufe.
Ba mu rubuta sunanka ba sai yadi ya zo shago, an yi awo, an ba da rabin kuɗi.
Karɓar kaya: Alhamis 27 da Juma'a 28. Ranar Asabar 29 za mu rufe da azahar, sai Litinin 7 ga Afrilu in Allah ya kai mu.
Don Allah a yi mana uzuri, gara mu ce ba za mu iya ba da mu sa ku a ƙunci ranar idi. Allah ya karɓi ibadunmu."

Na fara da ranar ne ba da doguwar gaisuwa ba, ba don rashin ladabi ba. A Instagram layin farko-farko kawai ke fitowa a ƙarƙashin hoto, sauran sai mutum ya danna, a sitatus ɗin WhatsApp ma haka dogon rubutu ke yankewa, mutane kuma wucewa suke da yatsa. In ka cika saman da barka da shan ruwa da muna godiya ga kwastomominmu masu albarka, to ranar ta nutse a ƙasa inda ba mai zuwa. Addu'a da ban haƙuri suna nan, na dai kai su ƙarshe. Sannan na sa wani ƙanena ya rubuta ranakun biyu da manyan haruffa a jikin hoton kansa, hoton wata farar shadda da muka gama mai aikin ruwan toka, saboda idan mutum ya ɗauki hoton allo ya tura wa ɗan'uwansa rubutun ƙasan ba lallai ya bi shi ba.

Na kuma guji irin su "saura kwana uku" da "tsakiyar azumi za mu rufe". Saura kwana uku daga yaushe? Wanda aka tura wa bayan kwana biyu zai ɗauka har yanzu yana da uku. Tsakiyar azumi kuwa a wajen wani har 18 tsakiya ce. Sunan rana da kwanan azumi da kwanan bature duka na sa, kuma akwai dalili, ina da masu aiko da yadi daga Maraɗi, kuma wani lokacin Nijar da Najeriya ba sa ɗaukar azumi rana ɗaya, in ka ce 15 ga azumi kawai sai a samu saɓanin kwana. Litinin kuwa Litinin ce a ko'ina. Su na nesa ɗin na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce su ba direba yadin da kwana biyu kafin ranar, don ranar da ya iso shago nake ƙirgawa ba ranar da aka kai tasha ba.

Layin da ya fi kowanne yi min aiki shi ne na yadi da awo da rabin kuɗi. Duk tela ya san wannan maganar, mutum zai kira ka ya ce, Oga ka ajiye min waje zan kawo kala uku, ka ce to, shi a ransa ya gama ba da ɗinki, sai ranar 22 ga azumi ya shigo da leda yana cewa ai mun yi magana. Kuma da gaskiyarsa, kun yi magana. Da na rubuta ƙarara cewa magana a waya ba ta kama gurbi, sai ya zama in an kira ni amsata ɗaya ce, ranka ya daɗe kawo yadin in rubuta. Idan yadin ya zo kuma a gaban mai shi nake warware shi in auna, don akan samu wanda aka ce masa yadi biyar ne a kasuwa ka auna ka ga huɗu da rabi, in ba a gani a lokacin ba sai ranar yanka, mai shi ya tafi, aikin ya tsaya. In yanki ɗan ƙyalle daga gefe in manna a littafi kusa da sunansa da awonsa, in rubuta lambar shafin da alli a bayan yadin. Farar shadda ashirin a shago ɗaya ba ka gane ta wani da ido.

Rabin kuɗin kuma ba don rashin yarda ba ne. Da shi nake sayen zare da gam na wuya da maɓalli da man janareto, da shi nake biyan mai aiki wanda shi ba ya sakin riga sai an biya. Abin da ya ɗan taɓa min zuciya shi ne ma'aikatan albashi. Albashin Fabrairu ya tafi a kayan azumi, gero da sukari da mai, na Maris kuma ba zai shigo ba sai an kusa sallah, lokacin na daɗe da rufewa. Wani malamin makaranta ya zo ya faɗa min haka, yana so ya yi wa yaransa biyu. Na ce masa Malam, kuɗin ɗinki zan iya jiranka har ranar karɓa, amma yadi ba zan iya jira ba tunda ba zan ɗinka iska ba, ka samo yadin ko mai sauƙin kuɗi ne. Ya kawo ranar 14. Irin wannan sassaucin a kan kuɗi nake yin sa, tsakanina da mutum, ban taɓa yin sa a kan rana ba.

Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka ɗorawa sau ɗaya ba ta isa. Na ɗora daren da na rubuta, na sake ana jibi rufe babbar riga, na sake a ranar, sannan kullum daga 12 zuwa 15, kuma bayan shan ruwa nake ɗorawa lokacin da kowa ya jingina yana duba waya. A na kwanakin ƙarshen sai na dinga ƙara layi ɗaya a sama, Laraba 12 ga azumi saura gurbi 11, Alhamis 13 saura 7, da sunan ranar a jiki. Wannan ya fi duk wani roƙo tayar da mutane, kuma gaskiya ce daga littafi nake ɗaukowa, ban rage ba don in tsorata kowa. Dattawan da ba sa duba sitatus kuma, irin abokan mahaifina da suka saba sai goman ƙarshe su aiko yaro da leda, su murya na yi musu na tura, wasu na kira, na gaishe su yadda ya kamata sannan na faɗi ranar. Na kuma rubuta a takarda na manna a ƙofar shago daidai inda mai shigowa zai gani.

Gurbin ya cika ranar Asabar ɗin kafin la'asar. Na ja layi a littafi da jan biro, na ɗora "Mun rufe karɓar ɗinkin sallah, mun gode", na canza takardar ƙofa.

Wahalar kuma daga nan ta fara, don rubuta rana abu ne mai sauƙi a kan tsayawa a kanta. Ranar 19 ga azumi wani Alhaji da ya daɗe yana ɗinki a wajena ya zo da kansa, direba na biye da shi da shadda kala huɗu masu tsada, tun daga ƙyallinsu ka san ba ƙananan kaya ba ne. Ya ce, ai na ga sanarwar taka, na san ba da mu kake ba. Na ce Alhaji wallahi da kowa nake, na buɗe littafin na nuna masa jan layin da sunayen da ke sama. Ya ce zai ninka kuɗin. Na ce Alhaji in na karɓa to ɗaya daga cikin waɗannan sunayen ne zai rasa, kuma yawanci mai ƙaramin ƙarfi ne ke rasawa, wanda kala ɗaya tak ya ɗinka wa ɗansa. Ya yi shiru, ransa bai so ba, na ga hakan a fuskarsa. Sai na ce ya bar su in rubuta shi na farko a aikin bayan sallah, ranar 7 ga Afrilu da su za mu buɗe. Ya bar biyu ya tafi da biyu wani wajen. Kuɗi ne na gani suna fita daga ƙofa a watan da kowa ke nema, kuma ba zan ce ban ji ba. Amma yarana suna zaune suna kallo, da na karɓa to gobe su ma za su karɓi na abokansu a ɓoye su cusa a ƙarƙashin tebur, kuma ba ni da bakin hana su.

Kwana ukun nan da na cire kuwa ba su ma isa ba. Injin mai aikin wuya ya samu matsala, rigunan da ya ce 22 ba su dawo ba sai 24 da dare, babbar riga shida a lokaci ɗaya, ga ɗaya daga cikin telolina zazzaɓi ya kwantar da shi yini biyu. Alamar da nake dubawa don in san ko muna kan hanya ita ce tarin yankakken aiki da ke jiran haɗi, in ya wuce na kwana biyu, wato saiti goma, to mun fara nutsewa, sai in ajiye almakashi in hau keke. Haka na yi a ranakun. Muka gama sabon ɗinki ranar Alhamis 27 da hantsi maimakon Laraba, an riga an fara zuwa karɓa ana guge na ƙarshe.

Tun ranar 25 na ɗora sanarwa ta biyu, gajeriya, ta karɓar kaya kawai, cewa a zo Alhamis ko Juma'a a gwada a shago, wanda ya bari sai Asabar ba lallai a samu yi masa gyara ba, kuma a taho da cikon kuɗi. Mafi yawa sun zo. Ranar Asabar da azahar saiti huɗu suka rage a rataye, na kira masu su, biyu suka turo yara, ɗaya ya ce yana hanya daga Abuja, na kai nasa gida na ce ya biyo ta can, na huɗun bai ɗaga waya ba. Muka share shago na sallami yara da kuɗinsu da na sallah. Da daddare aka sanar an ga wata, azumi ya tsaya a 29, sallah Lahadi. Mai na huɗun sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya kira, na ce ya same ni a ƙofar shago, na ɗauki makulli na hau mashin na je na miƙa masa.

Da babbar sallah ta matso lissafin ya ɗan bambanta, ita ana sanin ranarta tun da aka ga watan Zulhajji, ga ba azumi yini cikakke ake aiki, sai dai mutane kuɗinsu na wajen rago, ɗinkin bai kai na ƙarama yawa ba. Amma ban jira ganin watan ba, tun tsakiyar Zulƙida na kira mai aikin wuya na tambaye shi ranarsa, sannan na buɗe littafi na fara ƙirga gurbi.